Yashi, gayya da tsabar kuɗi: yadda ake jera su a kasafin aiki ba tare da sun cakuɗe ba

"Assalamu alaikum. Ni ce ma'ajiyar wata haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata manoma a yankin Madarunfa. Muna neman tallafi don gina mangazar ajiyar wake da gero. Mai tallafin ya ce ba zai wuce kashi 80 cikin 100 ba, mu kawo sauran. Muna da fili, mutanen gari za su kawo yashi da tsakuwa su yi gayya, ma'aikatar magajin gari kuma ta yi mana alkawarin miliyan ɗaya. Da na haɗa duka, shugabarmu ta ga jimillar ta ɗauka kuɗin da za su shigo banki ke nan. Yaya zan rubuta?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Kafin ki taɓa kowane lissafi, ki bi layukan kasafin ɗaya bayan ɗaya ki yi wa kowanne tambaya guda: shin saboda wannan abu kuɗi za su fita daga asusun wani su shiga hannun wani? In za su fita, tsabar kuɗi ne, ko da ba daga aljihun mai tallafi suka fito ba. In ba za su fita ba, gudummawar kaya ce ko ta ƙarfi, wadda aka yi wa ƙima kawai don a san nauyinta. Albashin mai kula da aikin da ƙungiyarku take biya duk wata tsabar kuɗi ne. Ladan maginin da ma'aikatar magajin gari za ta biya tsabar kuɗi ne. Yashin da samari za su ɗebo daga gulbi da amalankensu ba tsabar kuɗi ba ne, haka kwanakin gayya. Ƙungiyoyi da yawa suna tura albashin ma'aikacinsu cikin gudummawar kaya don dai "ba mai tallafi ne ya biya ba", su cuci kansu, alhali shi ne kaso mafi sauƙin tabbatarwa: ga takardar albashi, ga shaidar fitar kuɗi daga banki.

Bayan wannan tambaya akwai ta biyu, wadda ita ce za ta warware ruɗanin shugabarku: kuɗin ta asusunmu za su bi, ko mai su ne zai biya da hannunsa? Kuɗin ƙananan hukumomi kuɗin gwamnati ne, suna da hanyarsu ta fita, kuma sau da yawa ma'aikatar ta fi son ta biya magini kai tsaye maimakon ta zuba a asusun ƙungiya. To miliyan ɗayan nan kuɗi ne na gaske, amma mai yiwuwa ba za ki taɓa ganin sa a takardar bankinku ba.

Ke nan kasafinki yana bukatar gidaje huɗu a gefen jimilla, kowane layi a raba shi tsakaninsu. Bari in ɗora miki misali da lambobin da na ƙaddara, ki cire su ki sa farashin kasuwarku. Duka a sefa ne.

| Abin da za a yi | Jimilla | Mai tallafi | Kuɗin ƙungiya | Kuɗin magajin gari | Kaya da ƙarfi |
|---|---|---|---|---|---|
| Siminti, ƙarfe, kwano, ƙofa | 5,200,000 | 5,200,000 | | | |
| Ladan magina | 1,000,000 | | | 1,000,000 | |
| Yashi da tsakuwa | 450,000 | | | | 450,000 |
| Aikin gayya | 750,000 | | | | 750,000 |
| Buhuna, sikeli, katakon ɗora kaya | 1,800,000 | 1,800,000 | | | |
| Horo | 1,100,000 | 1,000,000 | | | 100,000 |
| Albashin mai kula, wata 10 | 600,000 | | 600,000 | | |
| Kuɗin tafiyar da ofis | 672,000 | 672,000 | | | |
| Duka | 11,572,000 | 8,672,000 | 600,000 | 1,000,000 | 1,300,000 |

Dubi layin horo. Abinci da kuɗin motar mahalarta da ladan mai koyarwa miliyan ɗaya ne, daga mai tallafi. Ɗakin taron da za a ara muku kwana 10 an yi masa ƙimar 10,000 a rana, ya tafi gidan ƙarshe. Layi ɗaya ne, amma ba wanda zai kalle shi ya ɗauka akwai 1,100,000 na kashewa.

A ƙarƙashin teburin ki rubuta jimilla uku, kowace da sunanta a fili. Ta farko, darajar aikin gaba ɗaya: 11,572,000. Ta biyu, tsabar kuɗin da za a kashe, ko wa ya biya: 10,272,000. Ta uku, abin da zai bi ta asusun ƙungiya: 9,272,000, wato na mai tallafi da naku. Ta ukun nan ita za ki karanta wa shugaba da 'yan kwamiti a taro, don ita ce za ku sa hannu a kanta a banki, ita kuma za ki gina jadawalin shiga da fitar kuɗi na wata-wata a kai. Ta farko ta mai tallafi ce da rahoto. Tsakanin ta farko da ta uku akwai tazarar 2,300,000, kuma a cikin irin wannan tazarar ce ake fara zargin ma'aji da abin da bai ci ba. Shi ya sa nake son ki bayyana ta tun kafin a sa hannu a yarjejeniya, a rubuta cikin rahoton taro cewa an bayyana.

In a Excel kike aiki, ki ƙara gida ɗaya na bincike a ƙarshe. In jimilla tana gidan B, masu biya kuma daga C zuwa F, to a kowane layi ki sa wannan, kuma dole ya ba da sifili:

```
=B5-SOMME(C5:F5)
```

In Excel ɗinki na Ingilishi ne, `SUM` za ki rubuta a madadin `SOMME`. Jimillar tsabar kuɗi kuwa daga C zuwa E kawai take ɗauka, ba ta taɓa F.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya, wato kashi 80 ɗin nan. Kashi 80 na me? Da teburin nan ɗaya za a iya samun amsa biyu masu karo da juna. In mai tallafi ya yarda a lissafa kaya da ƙarfi cikin kasonku, to 8,672,000 a kan 11,572,000 ya kama kusan kashi 75, kun wuce lafiya har da rara. In kuwa bai yarda ba, tsabar kuɗi kaɗai yake gani, to 8,672,000 a kan 10,272,000 ya haura kashi 84, kun ƙetare iyaka. A wannan hali iyakar abin da zai bayar 8,217,600 ne, sai ku nemo ƙarin 454,400 na tsaba ko ku rage girman aikin. Ba wata dabarar rubutu da za ta rufe wannan. Sai dai a san shi da wuri.

Masu tallafi ba bakinsu ɗaya ba a nan. A ƙa'idar Tarayyar Turai ta tallafin ayyukan waje, gudummawar kaya ba ta cikin kuɗaɗen da ake biya, domin ba kashewa aka yi ba. Tana zama kason mai nema ne kawai in takardar kiran neman tallafin ta faɗi haka, kuma ko an yarda, filaye da gine-gine ba sa shiga lissafin. Albashin ma'aikacin ƙungiya da aka ɗora kan aikin kuwa suna karɓar sa a matsayin kaso. Ƙa'idar tallafin gwamnatin Amurka ta fi buɗe ƙofa ga kaya da aikin sa-kai, amma da sharuɗɗa: a iya tabbatar da su daga takardunku, kada a riga an lissafa su a wani tallafin nata, kuma ladan da aka ƙaddara wa mai aikin sa-kai ya yi daidai da abin da ake biya a irin aikin. Ki buɗe takardar ƙa'idojin mai tallafinku ki nemo jimlar da ta yi maganar. In ba ta fito fili ba, ki rubuta masa ki tambaya, ki ajiye amsar a rubuce. Amsar waya ba ta tsayawa gaban mai binciken kuɗi bayan shekara biyu, lokacin da wanda ya ba ki ita ya bar aikin.

Akwai wani kuskuren lissafi da ke tafiya tare da wannan. Mutum ya ɗauki abin da yake nema, ya cire kashi 20 ɗinsa, ya ce ga kasonmu. Kashi 20 na 8,672,000 shi ne 1,734,400. Amma in kashi 20 na dukan aikin ake nufi, kasonku kwata ne na abin da mai tallafi ya bayar, wato 2,168,000. Bambancin ya haura 400,000, kuma ya isa a mayar muku da takarda.

Layin kuɗin tafiyar da ofis ma ki duba shi da kyau. Na ɗauki kashi 7 cikin 100, wanda shi ne iyakar da Tarayyar Turai ta saba bari. Naku mai tallafin yana iya samun tasa. Na lissafa shi a kan tsabar kuɗin aikin ban da layin ofis ɗin kansa, wato 9,600,000, ya ba da 672,000. Da na lissafa har da yashi da tsakuwa da gayya da ɗakin taro, a kan 10,900,000, da ya zama 763,000. Ƙarin 91,000 ɗin nan kuɗi ne na gaske da za a nema a kan abin da ba a kashe ba, kuma mai bincike yakan fara cire shi. Haka kuɗin ko-ta-kwana, in an bari a sa: a kan tsaba ake ɗora shi.

Batun fili, shawarata ki cire shi daga teburin gaba ɗaya, ko da mai tallafi bai hana ba. Ƙimar fili a ƙauye magana ce da ba ta ƙarewa. Wani zai ce 500,000, wani miliyan biyu, kuma duk lambar da kika sa za ta kumbura kasonku ta yadda mai karatu zai fara shakkar sauran lambobin. Ki rubuta a ƙasa da kalmomi cewa an ba da fili mai faɗi kaza, ki haɗa takardarsa daga hukumar filaye, Kofo, wadda tsarin dokar karkara ta 1993 ya kafa. Ki kula da irin takardar: ta kyauta daban, ta aro daban. Ba a gina mangazar siminti a kan filin aro ba tare da an rubuta shekarun aron da makomar ginin ba. Abin da mai tallafi yake so ya sani game da fili shi ne babu magajin da zai taso gobe ya ce na ubansa ne.

To yaya ake yi wa sauran ƙima? Da farashin da za ku biya in da saye za ku yi a wurin, a lokacin. A misalina amalanke 120 na yashi a 2,000, da amalanke 60 na tsakuwa a 3,500, su suka ba da 450,000. Ki samu masu amalanke biyu ko uku na garin su faɗi farashinsu, a rubuta, su sa hannu ko yatsa. Kada ki ɗauki farashin motar yashi a cikin birnin Maradi ki ɗora wa ƙauyen da ke bakin gulbi. Gayya kuma mutum 20 ne, kwana 25, a 1,500 a rana. Ladan lebura za ki sa, ko da cikin masu ɗaukar bulo akwai malamin makaranta, domin aikin ake yi wa ƙima. In kina son ma'auni, mafi ƙarancin albashi a Nijar 42,000 ne a wata. 1,500 sau kwana 26 ya kama 39,000, kin ga ba a yi nisa ba. Wanda ya rubuta 5,000 a rana don kasonsa ya cika, lambar ce za ta tona shi.

Abu biyu ne na fi ganin suna ɓata irin wannan kasafi, kuma dukansu a wurin gini suke fitowa.

Na farko, lissafi sau biyu. Ɗan kwangila ko babban magini in ya kawo takardar ƙiyasinsa, yakan rubuta farashin bango ko daɓe a dunƙule, a kan kowace mita, kuma cikin farashin nan akwai yashinsa, tsakuwarsa, ruwansa da leburorinsa. Sai ƙungiya ta ɗauki jimillarsa yadda take ta sa a gidan mai tallafi, sannan ta sake rubuta yashi da gayya a gidan gudummawa. Yashi ɗaya an biya shi da kuɗi, an kuma ce kyauta aka kawo. Hanyar ganewa ita ce ki zaunar da shi ki ce ya fasa miki farashin: siminti nawa, ƙarfe nawa, yashi nawa, ladan hannu nawa. Duk abin da gari zai kawo a cire shi daga takardarsa, a rubuta cikin yarjejeniyarku da shi cewa ƙungiya ce za ta kawo, da adadin, da ranar da za a sauke. Shi ma hakan kariya ce gare shi, don in yashi bai zo ba ya san ba laifinsa ba ne.

Na biyu, gudummawar da ba ta zo ba tana rikiɗewa ta zama bashin tsabar kuɗi. In kuɗin mai tallafi suka yi jinkiri har ginin ya faɗa watan Yuni ko Yuli, ruwa ya sauka, kowa ya tafi shuka da noma, ba wanda zai zo gayya. In kuma an bari kaka ta wuce da nisa, samari sun tafi cin rani. Magini ba zai zauna siminti yana daskarewa ba. Zai ɗauki leburori, kuma za su so a biya su da yamma. Ga 750,000 ta fito daga gidan ƙarshe tana neman wurin zama a asusun da ba a tanadar mata komai ba. Sai a ɗauko daga kuɗin buhuna a toshe, daga nan rahoton ya karkace. Don haka kowane layi na gidan ƙarshe ki rubuta masa watan da za a kawo shi da sunan wanda ya ɗauki nauyin, kuma a fara tara yashi da tsakuwa tun kafin kuɗi su iso, tunda su ba sa jiran banki. Sannan ki tuna gayya ba ta tafiya da yunwa. Mutum 20 na kwana 25, ko 300 aka kashe wa kowa a rana na fura ko shinkafa da wake, 150,000 ke nan, kuma tsabar kuɗi ne. Ban sa shi a teburin ba. Ki ƙara masa layi a gidan ƙungiya, ko kuma in matanku za su kawo hatsin daga rumbunansu su dafa, ya shiga gidan ƙarshe da ƙimarsa.

Alkawarin ma'aikatar magajin gari ma ya zama takarda: adadi, abin da za a biya da shi, shekarar kasafin da zai fito ciki, da sa hannun mai ikon ba da umarnin biya. Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda gwamnati ta naɗa ne suke riƙe da su, saboda haka in alkawarin tsoho ne, a sabunta shi da wanda ke kan kujerar yanzu. Ki kuma nemi a rubuta cewa za su ba ku kwafin shaidar biyan magini. In ba ta hannunki, a idon mai bincike ba a biya miliyan ɗin ba, ko da ga bango a tsaye.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa takardun gayya suke da nauyin kuɗi. Yarjejeniyoyi da yawa suna ɗaure tallafin da iyaka biyu: adadi kaza, kuma kada ya wuce kashi kaza na abin da aka tabbatar an kashe. Mu ce an karɓi gudummawarku ta kaya, an rubuta kusan kashi 75. Ƙarshen aiki ya zo, gayya an yi ta, amma takardun halarta na 400,000 kawai aka samu cikin 750,000. Darajar aikin da aka tabbatar ta ragu da 350,000, kason mai tallafi ya ragu da wajen 262,000, kuma za a cire su ne daga biyan ƙarshe ko a ce ku mayar. Saboda haka tun ranar farko a ajiye littafi a wurin ginin: kwanan wata, sunan kowa, aikin da ya yi, yatsarsa, sannan magini da wakilin maigari su sa hannu a ƙarshen kowace rana. Littafin yashi daban: ranar, mai amalanke, sawu nawa. A cike su a ranar. Takardar da aka zauna aka cike rana ɗaya da biro ɗaya da hannu ɗaya, har yatsun suna kama da juna, mai bincike yana gane ta daga shafin farko, kuma daga nan ba zai ƙara yarda da sauran takardunku ba.

A littattafan kuɗinki kuwa, gudummawar kaya da ƙarfi ba ta shiga littafin banki, ba ta shiga littafin akwati. Tsarin lissafin ƙungiyoyi marasa neman riba na Ohada, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai daidaita dokokin kasuwanci, wato SYCEBNL, wanda aka amince da shi a Yamai a watan Disambar 2022 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, ya ware mata wurinta daban a aji na 9. Duk abin da aka rubuta ya shigo a can, ana rubuta an yi amfani da shi da adadi ɗaya, ya tashi babu saura. In kina da kwantabul, ki nuna masa. In ke kaɗai ce, littafi na daban mai gida biyu, "an kawo" da "an yi amfani", ya wadatar har a kai masa. Gwajin ƙarshen wata shi ne: abin da ya shigo asusu, a cire abin da ya fita, ya yi daidai da abin da banki ya nuna haɗe da na akwati. In kika ga rarar da babu ita a banki, ko giɓin da ya yi daidai da 450,000 ko 100,000 cif, ki duba, wani layi na gidan ƙarshe ne ya tsallako.

Rahoton kuɗi ki yi shi da gidajen nan huɗu, a jere ɗaya da na kasafin, kowane gida da abin da aka tsara da abin da aka yi. Kada rarar wani gida ta rufe giɓin wani: in gayya ta haura zuwa 900,000 don mutane sun fito da yawa, madalla, a rubuta, amma ba ta biya 150,000 daga kuɗin da ƙungiya ta yi alkawarin zubawa ba, sai in mai tallafi ya amince da hakan a rubuce kafin a rufe aikin.